Hajiya ta ce a sa wa katinta ɗumi: yadda edita zai gyara jerin kayan gidan burodi

Imel ɗin ya shigo ne bayan sallar isha'i, daga wata baiwar Allah mai gidan burodi da kayan fulawa a Kano. Ga abin da ta rubuta, na cire sunanta da na shagonta:

"Assalamu alaikum Malam. Da fatan kana lafiya, ya iyali? Ga katin jerin kayanmu na haɗo maka. Ni na rubuta shi da kaina, amma duk wanda ya karanta sai ya ce kamar takardar asibiti. Don Allah ka ɗan sa masa ɗumi, ya zama kamar ina yi wa mutum magana a kanta. Kada dai ya yi tsawo, kati ne ƙarami. Muna so mu kai wa mai bugawa ranar Alhamis. Na gode."

Mai tace rubutu da ya saba da rahoto da littafi zai iya ɗaukar wannan aikin minti ashirin ne. A irin wannan ɗan aikin ne aka fi yin ɓarna, domin hannu yakan yi saurin kai wa ga kalmomin yabo: mai daɗi, mai ƙamshi, na musamman, na gani na faɗa. A zuba su a kan kowane layi, a mayar wa mai shago, ta ce ta gode, amma katin ya koma irin na kowa. Abin da na koya shi ne ɗumin da take nema yana bakinta da cikin madafarta, aikin edita ya je ya ɗebo shi, ya zuba a takarda ba tare da ya taɓa farashi ko kayan haɗi ba. Ga yadda nake bi, da katin Hajiya a matsayin misali.

Fara da karanta imel ɗin, kafin katin

Saƙon nata gajere ne, amma akwai sharuɗɗa huɗu a ciki. Ita ta rubuta katin da hannunta, don haka duk gyaran da za ka yi, rubutun mai shi kake taɓawa, sai da lallami. Ta ba ka ma'aunin da za ka auna aikinka da shi, wato muryarta a bakin kanta. Ta iyakance maka tsawo. Ta kuma sa maka rana.

Kalmar "ɗumi" ce ke buƙatar tsayawa. Wata mai shagon idan ta faɗe ta tana nufin a sa barkwanci, wata tana nufin a sa ladabi da gaisuwa, wata kuma so take a bayyana kayan yadda yawun mai karatu zai tsinke. Hajiya ta taimake ni da ta ce "kamar takardar asibiti". Takardar asibiti umarni take bayarwa, babu mai magana a cikinta. Daga nan na san inda zan duba.

Akwai wani abu kuma da imel ɗin ya ba ni kyauta. Dubi yadda ta rubuto: sallama, tambayar iyali, "don Allah ka ɗan", godiya. Matar da ta rubuta wannan ba ta rasa ɗumi ba. Da ta zo rubuta kati ne ta ari muryar sanarwar ofis, domin a ganinta haka rubutun kasuwanci yake. Ka ajiye imel ɗin a buɗe a gefe, shi ne samfurinka na farko.

Gano inda sanyin yake

Katin yana da kaya goma sha takwas a fuska biyu. Ga kaɗan daga ciki yadda suka zo:

Burodi babba, ₦1,500
Alkaki, roba ɗaya, ₦4,000
Gireba, guda 10, ₦2,000
Kek na biki: sai an yi oda

A ƙasan fuska ta biyu kuma an rubuta da manyan baƙaƙe: "BA A BA DA BASHI. BA A KARƁAR ODA SAI AN BIYA RABI. KAYAN DA AKA SAYA BA A DAWO DA SU."

Idan ka lura, layukan kayan ba su da laifi, shiru kawai suka yi. Sanyin da mutane ke ji yana ƙasa, inda "ba a" ta jeru sau uku da manyan baƙaƙe. Wannan "a" ɗin da ba ta nuna kowa, ita ce muryar allon sanarwa: ana, za a, ba a. Babu mai shago a cikinta, babu mai saye. Editan da ya ƙawata sunayen kaya ya bar wannan gindin yadda yake, bai magance koken Hajiya ba. Don haka ka karanta katin da babbar murya daga sama har ƙasa, ka yi alama a duk inda ka ji muryarka ta koma ta mai tsawatarwa. A yawancin katunan da suka biyo ta hannuna, alamun sukan taru ne a dokokin oda da na biya.

Amsar farko tambaya ce, ba gyara ba

A daren na mayar mata da amsa, ban taɓa ko harafi ɗaya na katin ba tukuna:

"Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga kati, kuma kayan sun jeru da kyau. Kafin in fara, ina neman abu uku. Girman takardar da za a buga, da kuma ko mai bugawa ya riga ya tsara shafin. Jerin abin da ke cikin kowane kaya, musamman gyaɗa, riɗi, ƙwai da madara. Sai minti goma sha biyar na waya gobe, a lokacin da hannunki ya sarara. Zan fara turo miki layi uku ki gani, idan sun yi miki sai in ƙarasa. Gyara zagaye biyu ne a cikin kuɗin da za mu yi magana."

Zancen zagaye biyu ya kamata ya fito tun yanzu. Aikin murya ba ya da iyaka a karan kansa. Miji zai karanta ya ce a canja, ƙanwa za ta karanta ta ce a mayar, kuma idan ba a yi yarjejeniya ba sai ka wayi gari kana gyara na bakwai ana gobe za a buga.

Wayar ita ce rabin aikin

A nan nake so mai koyo ya fi daɗewa. Kada ka tambaye ta yadda take so a bayyana burodinta, domin nan take za ta koma muryar talla ta ce maka mai inganci ne, mai tsafta. Ka yi mata tambayoyin da amsarsu sai an ba da labari. Ƙarfe nawa burodin farko yake fitowa? Wane kaya ne yake fara ƙarewa? Idan baƙo ya tsaya a kanta ya rasa abin da zai zaɓa, me kike ce masa? Wa ya koya miki alkaki? Da me mutane suke cin girebar nan? Ka riƙe biro, ka rubuta kalamanta yadda suka fito, kada ka gyara su a lokacin.

Ga abin da na samu a takardata bayan mun gama. Burodi yana fitowa ƙarfe shida na safe, kuma masu kai yara makaranta sukan same shi da ɗuminsa. Alkakin na barzajjiyar alkama ne, ana kwaɓa shi a bar shi ya kwana ya yi tsami kafin a soya, kuma a wurin gwaggonta ta koya. Game da gireba ta ce, "Ai Malam ita ba ta son a matsa mata, kana taɓa ta take marmashewa, sai da shayi." Kek na biki yana buƙatar kwana uku, domin a ranar farko ake gasawa, ya huce sosai kafin a yi masa ado. Da na tambaye ta dalilin rabin kuɗi, sai ta ce da shi take sayen fulawa da bota da ƙwai na wannan odar, kuma an sha yi mata oda a ƙi zuwa ɗauka.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zan iya ƙirƙirowa daga teburina, kuma babu wanda gidan burodin da ke layin bayanta zai iya ɗauka ya manna a nasa katin. Wannan shi ne gwajin da nake yi wa kowane layi: idan zai zauna daram a katin wani shago, bai gama zama na Hajiya ba.

Raba abin taɓawa da abin da ba a taɓawa

Kafin ka fara rubutu, ka ja layi a ƙarƙashin abubuwan da ba naka ba ne: farashi, adadi ko awo, sunan kaya, kayan haɗi, lokacin buɗewa da rufewa, lambar waya, da ainihin sharaɗin kowace doka. Za ka iya sauya yadda aka faɗi cewa ana biyan rabi, amma rabin yana nan a rabinsa. Idan ka ga kamar akwai kuskure a cikinsu, ka tambaya, kada ka gyara da kanka.

Na taɓa yin kuskure a nan, kuma a kan alkakin nan ne. A zubin farko na rubuta cewa ana tsoma shi a zuma, domin haka na saba ji, kuma kalmar tana da daɗin karantawa. Da na koma kan jerin kayan haɗin da ta turo, sai na ga ruwan suga ne da lemon tsami. Da ya fita haka, da na sa mata ƙarya a katinta, kuma mai sayen da ya san ɗanɗanon zuma ita zai tuhuma. Tun daga nan nake bin kowane suna na kayan haɗi da na rubuta, in nemo shi a jerinta da yatsa. Haka abin yake tsakanin bota da man shanu, da tsakanin madarar ruwa da ta gari. Kalmar da ta fi daɗin ji ba koyaushe ce ke cikin kwaɓin ba.

Sai maganar lafiya. Neman ɗumi yakan ja mutum ya rubuta "mai gina jiki", ko "ya dace da masu ciwon suga" don an yi kek da dabino. Dabino da zuma duk suna ɗaga sugan jini, kuma wanda ke fama da ciwon zai iya gaskata katin ya ci. Ka bar duk wata da'awar magani ko lafiya. Akwai kuma rubutun "babu bromet" da ake gani a ledojin burodi, saboda hukumar NAFDAC ta haramta sa wannan sinadari a burodi. Idan mai shago ta rubuta shi a katinta, ka bar mata. Idan ba ta rubuta ba, kada ka ƙara don ya yi kyau, domin ba kai ne a wurin kwaɓi ba.

Abin da ya kamata ka nace a saka, ko da ba ta nema ba, shi ne gargaɗi ga waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, riɗi, ƙwai, madara ko alkama. Girebar Hajiya ana barbaɗa mata riɗi a kai, alkakin kuma da man gyaɗa ake soya shi. Faɗin wannan a fili kulawa ce ga mai saye, kuma kulawa tana cikin ɗumin da ake nema.

Auna wurin kafin ka rubuta

Ta ce katin A5 ne, wato faɗin milimita 148 da tsawon 210. Idan aka bar milimita 10 a kowane gefe, aka ware kamar 25 don farashi, abin da ya rage wa bayani bai wuce milimita 100 da ɗoriya ba. Da haruffa masu girman 10, wannan yana ɗaukar haruffa hamsin da biyar zuwa sittin a layi, kimanin kalmomin Hausa goma. A tsaye kuma shafin yana ɗaukar layi arba'in da biyar ko kusa da haka. Kaya tara a kowace fuska, kowanne da layin suna, layin bayani biyu da ɗan fili, sun cinye layi talatin da shida. Sauran tara ne za su ɗauki sunan shago, gaisuwa da dokoki.

Lissafin ya nuna min cewa kowane kaya yana da kalma ashirin a iyakarsa, kuma gara a tsaya ƙasa da haka. Idan ka rubuta fiye, mai tsara shafi ba zai kira ka ba. Zai rage girman haruffan ne har komai ya shiga, sai dattijuwar da ta zo sayen kayan garar jikarta ta kasa karantawa.

Rubutun kansa

Abu na farko shi ne zaɓen wanda ke magana da wanda ake yi wa. Na zaɓi "mu" ga shago, domin Hajiya tana da ma'aikata, kuma haka take faɗa a waya. Ga mai saye na zaɓi "ku". "Ka" ta bar mata a waje, "ki" ta bar maza, rubuta "ka/ki" kuma ya mayar da katin fom ɗin banki. "Ku" ta ɗauki kowa, kuma tana ɗauke da girmamawa. Da zarar ka zaɓa, ka riƙe har ƙarshen kati.

Na biyu, kowane kaya ya samu gaskiyarsa daga cikin abin da ka ji a waya, a taƙaice. Ga layuka ukun da na fara tura mata:

Burodi babba, ₦1,500
Ƙarfe shida na safe yake fitowa. Ku zo da wuri ku same shi da ɗuminsa.

Alkaki, roba ɗaya, ₦4,000
Na barzajjiyar alkama, sai ya kwana muke soya shi, yadda Gwaggo ta koya mana.

Gireba, guda 10, ₦2,000
Kuna taɓa ta take marmashewa, ku tanadi shayi. Da riɗi a kanta.

Babu "mai daɗi" ko sau ɗaya a ciki. Layin burodi ya ba mai saye lokaci, wato abin da zai yi amfani da shi. Layin alkaki ya nuna cewa an ɓata lokaci a kansa, ya kuma shigo da mutum cikin katin. Sai da na nemi izininta kafin in ambaci gwaggon, domin danginta ne, ba kayan adona ba. Layin gireba kuwa kusan maganarta ce na ɗauko, na mayar da "kana" zuwa "kuna", na kuma cusa gargaɗin riɗi a ciki ba tare da ya zama tsawa ba.

Hausa tana da kalmomin da ke kwaikwayon yadda abu yake a baki, irin su luɓus da rumus da garas-garas, kuma kalma ɗaya daga cikinsu takan yi aikin jimla guda. Amma kamar gishiri suke. A kati mai kaya goma sha takwas na sa biyu kawai, ɗaya a cincin, ɗaya a donat. Idan kowane layi ya ɗauki tasa, katin ya koma waƙar talla.

Haka kuma ba kowane kaya ne ke buƙatar bayani ba. Ruwan roba da lemon kwalba na bar su da suna da farashi. Ƙaramin burodi na rubuta masa "ƙanin na sama" kawai, ta yi dariya ta ce a bar shi. Katin da aka cika wa kowane layi da zance yana gajiyar da ido, kuma kayan da take so a fi lura da su sai su ɓace a cikin taro. Na tambaye ta guda huɗun da ta fi so su tafi, na ba su layi biyu-biyu, sauran suka samu layi ɗaya ko babu.

Sai gindin katin, inda ciwon yake. Dabarar a nan ita ce a faɗi abin da za a yi maimakon abin da ba a yi, a kuma ba da dalili idan dalilin gajere ne. Manyan baƙaƙen ma na sauke su, domin a ido ihu suke yi. Ga yadda ya koma:

"Kek na biki yana ɗaukar mu kwana uku, ku sanar da mu da wuri. Da rabin kuɗi muke sayen kayan haɗinku, shi ya sa muke karɓarsa ranar oda, sauran kuma ranar ɗauka. Ku duba kayanku kafin ku tafi, domin abinci idan ya fita ba ma iya karɓarsa. Idan kun ga wani abu bai yi ba, ku faɗa mana nan take."

Jimlar ƙarshen nan sabon alkawari ce, babu ita a katin asali, don haka na yi mata alama na tambaye ta ko ta yarda. Ta yarda, domin ta ce dama haka take yi. Da ta ƙi, da na cire. Zancen bashi kuwa na ba ta shawarar a fitar da shi daga katin gaba ɗaya a bar shi a ɗan allo kusa da wurin biya, tunda katin yana shiga gidajen biki da hannun baƙin da ba su taɓa neman bashi ba. Ta ce a'a, ta san mutanenta. Shagonta ne, don haka ya zauna, da wannan lafazin: "Muna karɓar kuɗi hannu ko taransifa a lokacin saye." Sharaɗin bai motsa ba.

Ka kiyayi zamewa ɗaya gefen. Idan ka jera "don Allah" da "ku yi haƙuri" a gaban kowace doka, mai karatu zai ji kamar ana iya roƙo a ɗaga masa, sai Hajiya ta koma jayayya a kanta. Ka karanta dokar bayan gyara ka tambayi kanka ko wani zai iya fahimtar cewa rabin kuɗin na ganin dama ne. Idan zai iya, ka yi laushi da yawa.

A saman katin na sa gaisuwa ta layi ɗaya, "Sannunku da zuwa, ga abin da muka gasa muku yau", sai na cire "yau", domin kati ɗaya ne zai yi watanni, kuma ba duk kayan ake gasawa kullum ba. Sai kuma na lura cewa alkaki da cincin soya su ake yi, don haka "gasa" ta koma "tanada".

Yadda za ka mayar mata

Idan a Word ta turo, ka kunna Track Changes kafin ka taɓa komai. Idan a Google Docs ne, ka koma Suggesting. Amma ka sani mai gidan burodi a waya za ta buɗe, tana tsaye, wataƙila da fulawa a hannu, kuma jajayen layukan gyara a ƙaramin allo ba sa karantuwa. Don haka ina tura abu biyu: fayil mai alamun gyara, da tsaftataccen PDF da za ta karanta kamar mai saye. A jikin imel ɗin kuma ina jera tambayoyin da ke jiran amsarta da lamba, kada su wuce biyar, yadda za ta iya amsawa da "1 e, 2 a'a".

Ina kuma roƙon ta abu ɗaya: ta karanta katin da babbar murya a gaban wata ma'aikaciyarta. Duk layin da harshenta ya sarƙe a kai, ko ta ji nauyin faɗa, nawa ne ba nata ba, sai a sake shi. A haka ne ta kama min kalmar "lallausa" a layin kek. Ta ce ita "mai taushi" take cewa. Na canja.

Kada ka sallami aikin sai ka ga gwajin bugu

Matsalar ƙarshe a wurin mai bugawa take. Yawancin masu tsara kati a wurinmu da CorelDRAW suke aiki, kuma sukan zaɓi haruffa masu ado waɗanda ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Abin da ke faruwa ɗaya ne cikin uku: harafin ya koma ɗan akwati, ko ya fito da wani salo daban a tsakiyar kalma, ko mai tsarawa ya goge lanƙwasar da hannunsa ya mayar da "ƙwai" "kwai", "ɗumi" kuma "dumi". Ka gaya musu tun farko su yi amfani da haruffan da ke da su, irin su Noto Sans, Andika ko Charis SIL. Alamar ₦ ma takan ɓace a wasu salon, ita ma a duba ta.

Ka nemi a buga kwafi ɗaya a ainihin girmansa kafin a buga sauran, ko aƙalla a turo maka hotonsa. Wasu masu tsarawa sake buga rubutun suke yi da hannu maimakon su kwafa, kuma a nan lambobi ke juyawa. Ka ɗora gwajin kusa da katin Hajiya na asali, ka bi farashi ɗaya bayan ɗaya, sannan lambar waya, lamba bayan lamba, sannan ka kira lambar ka ji ta shiga. A gwajin da aka turo mana ranar Laraba da yamma, girebar ta fito ₦200 maimakon ₦2,000, gargaɗin man gyaɗa kuma ya faɗo daga ƙasan alkaki saboda wurin ya ƙare. Na rage kalma uku daga layin cincin, gargaɗin ya koma mazauninsa, aka gyara sifilin, Hajiya ta duba ta ce a buga. Na ba ta shawarar kada ta wuce kwafi ɗari a karon farko, tunda farashin buhun fulawa ba ya zama wuri ɗaya, kuma ta riƙe fayil ɗin da ake iya gyarawa a hannunta, kada ya tsaya a kwamfutar mai bugawa kaɗai.